Yadda kasafin makarantarmu ya faɗi a zaman farko, ya wuce a na biyu

Ni ne basa, wato mai riƙe lissafin kuɗi, a wata makarantar al'umma a nan cikin garin Gombe, nasare da firamare ce, da yamma kuma islamiyya, amma islamiyyar asusunta daban don haka ba ta cikin wannan maganar. Mutanen unguwa ne suka gina ta, ba ta da mai ita guda ɗaya, kwamiti ne na mutum 11 yake riƙe da ita kuma ba a taɓa kuɗin makaranta ko albashi sai sun zauna sun ɗaga hannu. Abun da zan ba da labari ya faru ne a watan Agusta na 2024, lokacin da na kai musu kasafin shekarar karatu mai zuwa har sau biyu, lambobin iri ɗaya ne ko kwabo ban canza ba, na farko aka watse ba a yi ƙuri'a ba, na biyu aka gama kafin azahar.

Sai an san su waye a ɗakin kafin a gane matsalar. Ciyaman dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Akwai limamin unguwa, akwai wakilin mai unguwa, akwai wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi wanda lissafin buhu dubu ba ya masa wuya a ka amma in ka miƙa masa takarda sai ya kife ta a cinya. Akwai Hajiya mai wakiltar iyaye mata, da wani tsohon ma'aikacin banki wanda shi kuma takardar kawai yake kallo, da malami guda mai wakiltar malamai, sauran iyaye ne da tsofaffin ɗalibai. Tsarinmu ya ce sai mutum 7 sun hallara ake yanke magana, ciyaman ba ya ɗaga hannu sai an yi kunnen doki. Ni da hedimasta muna zama amma ba mu da ƙuri'a.

Yanayin kuwa kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin fetur ɗin janareto ya fi ƙarfinmu, takardar jarrabawa ta hau, sannan a Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, malamanmu suna ji a rediyo alhali yawancinsu 50,000 suke ɗauka ko ƙasa da haka. Biyu sun riga sun ajiye aiki a zangon da ya wuce. Ga azuzuwa biyu da rufinsu ke yoyo, ga bohal ɗinmu da ba ya tashi sai da janareto. To ni da hedimasta muka zauna muka haɗa komai, ƙarin albashi da gyaran rufi da sa wa bohal sola, muka ga sai kuɗin zango ya tashi daga 18,000 zuwa 24,000.

Zaman farko ranar Asabar ne bayan la'asar, kuskure na farko kenan, don daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa magariba awa biyu ce da ƙyar kuma gaisuwa da addu'a da karanta bayanin zaman baya sun cinye rabin awa. Na buga takardata daga Excel, shafi uku, layi 34, na yi fotokwafi na raba wa kowa sannan na miƙe. Wallahi ina alfahari da takardar nan, komai ya daidaita har kwabo. Na buɗe baki na ce jimillar abun da za mu kashe bana naira miliyan ashirin da biyar da dubu ɗari bakwai da arba'in, sai na ji Liman ya ce innalillahi. Ban fahimci me ya faru ba a lokacin, sai daga baya. Na jefa musu lamba mafi girma a cikin takardar alhali ba su da abun da za su auna ta da shi, ba su san nawa ke shigowa ba, ba su san nawa aka kashe bara ba, miliyan 25 a kunnen mutumin da bai taɓa jin jimillar kuɗin makarantar ba kuɗin gina gida ce.

Na ci gaba da bin layi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke a takarda. Kafin in kai layi na shida na ɗaga kai na ga babu mai kallona, kowa ya duƙa a kan nasa kwafin, wani yana shafi na biyu wani na uku. Alhajin hatsi ne kawai yake kallona shi ma fuskarsa a murtuke. Sai wani uba ya katse ni ya ce Malam tsaya, wannan layin na 27, lemo da ruwan baƙi dubu casa'in, su waye baƙin? Shi kenan. Minti ashirin da biyar aka yi a kan dubu 90 a cikin kasafin miliyan 25, aka tono ranar rabon kyaututtuka ta bara, aka tono wa ya ci shinkafa wa bai ci ba. Kuma ban ga laifinsu ba in na tuna, mutum yana kama lambar da ya san girmanta ne, kowa ya san kuɗin katan ɗin lemo, shi ya sa can ake iya gardama, albashin miliyan 13 kuwa babu mai riƙonsa a hannu sai aka tsallake shi ba wanda ya tanka.

Wani abu kuma da na yi ban sani ba, ina ta sauya ma'auni. Albashi na faɗe shi a wata, kuɗin makaranta a zango, wuta da ruwa a shekara. Alhaji ya ji albashi miliyan ɗaya da dubu ɗari, ya ji kuɗin shiga miliyan goma sha tara, sai ya ce to ina sauran suke zuwa? Yana da gaskiya bisa abun da ya ji, wata guda ya ɗora a kan shekara. Tambayar nan ta fi ta lemo zafi don da ita ɗakin ya fara warin zargi. Ana cikin haka tsohon ma'aikacin bankin da ya riga kowa isa ƙarshen shafi na uku ya ce jama'a ku duba ƙasa, 24,000 fa ake so a mayar da kuɗin. Maganar da na ɓoye sai ƙarshe don in gama shimfiɗa mata tabarma, wani ne ya faɗe ta ba ni ba, kuma ya faɗe ta kamar wanda ya kama ɓarawo. Hajiya ta ce sam, iyaye ba za su iya ba. Aka kira salla, ciyaman ya ce a dawo bayan sati biyu.

A sati biyun nan ban taɓa lambobin ba, na sake duba su sun yi daidai. Abun da na zauna na yi shi ne na rubuta tambayoyin da aka yi min a zaman, na jera su yadda mutum mai hankali zai yi su in ba a rikita shi ba. Me kake so mu yanke? Nawa muke samu? Nawa ne dole ya fita? Saura nawa? To me kake son ƙarawa kuma nawa zai hau kan ɗana? Sai na ga ai jerin maganar kenan, kowace lamba in na faɗa ita za ta haifi tambayar da lamba ta gaba ke amsawa. Takardar Excel an jera ta ne don mai bincike, wanda zai zauna da biro ya koma baya ya dawo. Kunne ba ya komawa baya, abun da ya wuce ya wuce.

Na je gidan ciyaman da daddare bayan isha'i na ce ranka ya daɗe alfarma uku nake nema, a mayar da zaman ƙarfe goma na safe, a bar ni in yi minti goma sha biyar ba katsewa, sannan a raba ƙuri'ar gida huɗu maimakon ɗaya. Ya ce na ukun me ya sa? Na ce Baba, wancan karon wanda yake son ƙarin albashi amma ba ya son sola ba shi da hannun da zai ɗaga, dole ya ce a'a ga duka. Ya yi shiru ya ce haka ne kuwa, shi ma abun da ya dame shi kenan. Cikakkiyar takardar mai layi 34 kuma na aika wa kowa kwana huɗu kafin zaman, na buga wa tsohon ma'aikacin bankin waya na ce ya duba in ya ga kuskure ya faɗa min tun yanzu. Wannan ba ɓoye-ɓoye ba ne kuma ba kamun ƙafa ba, mai son ya tona layi-layi haƙƙinsa ne ya tona, amma a gidansa da natsuwa, ba lokacin da nake magana ba.

Ranar zama na biyu mutum 10 suka zo har da ciyaman, wato hannu 9 ne masu ƙuri'a. A cikin aji muka zauna don ina son allo. Ban raba komai ba, na ce kowa ya rufe tasa takardar tukuna. Jimlata ta farko bayan gaisuwa ita ce: iyayena, yau abubuwa huɗu za ku yanke, na farko kasafin tafiyar da makaranta ba tare da ƙarin ko kwabo ba, sauran ukun kowanne yana da ƙari a kan kuɗin zango, in kun amince da duka kuɗin zai kai 24,000, in kun ƙi duka ya tsaya a 18,000, kuma akwai matakai a tsakani. Na ga Hajiya ta gyara zama. Lambar da ta tayar da hankali wancan karon na ajiye ta a fili tun farko da bakina, kuma na nuna cewa ita ce rufin sama ba ita ce tilas ba, sai mutane suka daina jiran inda zan ɓullo da ita suka koma saurare.

Na ce duk lambar da zan faɗa daga nan ta shekara ce, in zan yi maganar zango zan ce zango. Sannan na fara da yara ba da kuɗi ba, don yara kowa yana ganinsu da ido. Yaranmu 420, marayu 20 ba sa biya bisa shawarar da ku kuka yanke, saura 400. Na rubuta 400 a allo. Na ce da duk za su biya da mun samu miliyan 21 da dubu 600, amma littafin rasit na bara ya nuna a cikin kowane yaro goma tara ne kuɗinsu yake shigowa, don haka lissafinmu a kan 360 za mu yi. Nan na tsaya da gangan na kalli Alhajin hatsi, na ce Alhaji 360 sau dubu goma sha takwas sau uku, ya ɗan rufe ido ya ce miliyan sha tara da ɗari huɗu da arba'in. Na rubuta 19,440,000. Da ya fito daga bakinsa babu wanda ya sake tambayar ko an rage wani abu. Ban ce kashi 90 cikin ɗari ba, tara cikin goma ya fi saurin shiga, kuma da yawa daga masu haɗa kasafin makaranta a nan suke faɗuwa, su rubuta kuɗin da ya kamata ya shigo ba wanda yake shigowa ba, sai a zango na uku albashi ya gagara.

Bari in ɗan ratse a kan faɗin lamba da Hausa, don wannan ya taɓa cizona. In ka ce dubu ɗari biyu da arba'in, wani 240,000 zai ji, wani kuma 200,040, duka biyun Hausa ce. A kasuwa ba a rikicewa don kowa ya san kayan da ake ciniki, amma a kasafi da lambobi ke ta wucewa ana rikicewa. Ni dai yanzu sai in ce dubu ɗari biyu da dubu arba'in, in maimaita dubun, kuma in rubuta a allo a lokacin da nake faɗa. Akwai kuma dattawan da har yanzu da jaka suke lissafi, jaka ɗaya naira 200, in ka ce dubu ɗaya su a ransu jaka biyar ce, to irin waɗannan in ka yi gudu kafin su gama juyawa ka wuce lamba biyu. Kuma kar ka tsallaka Turanci a tsakiyar lamba wai don ta fi gajarta, sha biyar da hamsin a Turanci kusan sauti ɗaya ne a ɗakin da fanka ke ƙara.

Daga kuɗin shiga sai abun da dole ya fita. Layi 34 ɗin nan na dunƙule su gida biyu kawai. Albashin ma'aikata 22, malamai 18 da sauran mutum 4, miliyan 13 da dubu 200 a shekara. Duk sauran hidima, fetur da wuta da takardar jarrabawa da maka ta rubutu a allo da rajista da sabunta takardun makaranta da ƙananan gyare-gyare, miliyan 6 cif. Na ce lemon baƙi yana cikin miliyan shidan nan, layi na 27, duk mai son a yanke shi za mu zo kansa a ƙuri'ar farko, aka yi dariya har da wanda ya tayar da maganar. Babba na fara faɗa sannan ƙarami, saboda inda kuɗin yake can ya kamata hankali ya fara sauka tun yana da ƙarfi. Na haɗa su, 19,200,000, na rubuta a ƙarƙashin kuɗin shiga na ja layi. Ban faɗi saura ba, na bar su, Liman da kansa ya ce dubu ɗari biyu da wani abu kenan ya rage. Na ce Allah gafarta Malam haka ne, 240,000, wannan shi ne duk abun da makarantar nan take da shi in ba a canza komai ba, bai kai albashin sati guda ba.

Zuwa nan manyan lambobi biyar ne a allo, 360, kuɗin shiga, albashi, hidima, saura. Kuma tambayar Alhaji ta wancan karon, ina sauran suke zuwa, ta amsa kanta ba tare da na kare kaina ba.

Sai na fito da abun da nake ganin shi ya ceci zaman, na ce yanzu ga mudun da za mu auna sauran da shi. Duk naira 1,000 da aka ƙara a kuɗin zango tana kawo wa makaranta 1,080,000 a shekara, wato 360 sau dubu sau uku. Na rubuta shi a gefe na zagaye. Amfanin mudun nan shi ne ya haɗa harsuna biyu da ake yi a ɗakin, ni ina magana da miliyoyi, su kuma iyaye abun da ke ransu nawa zan ƙara a kan ɗana in an koma. Da mudun a allo kowa zai iya juya kowace buƙata da kansa.

Buƙata ta farko albashi, ƙarin 10,000 a wata ga kowane ma'aikaci, 2,640,000 a shekara, a mudunmu 2,500 kenan a zango kuma wannan ƙari ne na dindindin ba ya sauka. Kafin in ci gaba na ce ku sani ni ma ina cikin mutum 22 ɗin nan, ƙarin zai shiga aljihuna, don haka ku auna maganata da wannan a ranku. Gara in faɗa da a faɗa min. Ta biyu rufin azuzuwa biyu, kwano da katako da silin da kuɗin kafinta, 1,500,000 bisa farashin da muka karɓo daga masu aiki uku, 1,500 a zango na shekara ɗaya tak sannan a cire. Ta uku sola, 2,400,000, wato 2,000 a zango a haɗa da 240,000 ɗin da ya rage. Na jera su ne daga wanda in ba a yi ba makaranta za ta tsaya zuwa wanda za a iya jira, kuma na faɗi hakan a fili, na ce in da ni ne mai ƙuri'a kuma aka ce in bar ɗaya to solar zan bari. Hedimasta ya harare ni don solar nan ɗiyarsa ce. Amma in ka kawo abu uku ka nuna duk rai da mutuwa ne, kwamiti zai ɗauka babu ko ɗaya da yake haka. Minti goma sha uku na yi, na zauna.

Tambayoyin da suka biyo baya su suka nuna min an bi ni, don babu wanda ya ce in maimaita lamba, duk sun ɗauki lambobin ne suna gwada su. Wani ya ce doka ta ce 70,000, mu da ƙarin ma ba mu kai ba, ba za a kama mu ba? Tsohon ma'aikacin bankin ya ce dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, mu 22 ne, amma keɓewar doka ba ta hana malami ya tafi inda aka fi biyansa. Sai Hajiya ta kawo wadda ta fi kowacce nauyi. Ta ce ɗana, mudun nan naka a kan 360 ka kafa shi, to in an ƙara kuɗin wasu suka kwashe yaransu fa? Gaskiyarta, nan ne iyakar mudun, yana aiki ne muddin masu biya ba su ragu ba. Na tashi na yi a allo suna kallo. In an amince da albashi da rufi, yaro ɗaya mai biya 66,000 ne a shekara, rarar da za ta rage mana kuma 420,000, wato yara shida kawai in suka fita rarar ta kusa ƙarewa, na bakwai ya jefa mu cikin bashi. In kuma aka haɗa da sola rarar 180,000 ce, yaro uku sun isa. Ɗakin ya yi tsit. Ban ji daɗin faɗa ba don na san na kashe solar da hannuna, amma da na ce babu komai Hajiya in sha Allahu ba za su tafi ba, da duk lambobin baya sun zube tare.

Tsohon ma'aikacin bankin kuma ya kama wani abu da ni ban gani ba duk da sati biyun da na yi. Ya ce kuɗin rufi 540,000 yake shigowa a zango, zango biyu 1,080,000, na uku sai wajen ƙarshen Afrilu ake fara karɓa alhali ana so a gama aikin kafin ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni, to da me za a biya kafinta? Jimillar shekara ta yi daidai amma lokacin shigowar bai yi ba. Na ce ranka ya daɗe ka yi gaskiya, wannan ya wuce ni. Shi ya kawo gyaran, a karɓi 4,500 ɗin a zango biyu, 2,250 kowanne, zango na uku babu.

Wajen ƙuri'a sakatare ya rubuta kowane ƙuduri da lambarsa da ranar fara aikinsa, ya karanta da ƙarfi kafin a ɗaga hannu. Mun taɓa cin wuya a baya da irin an amince a ƙara wa malamai wani abu, bayan wata biyu kowa da adadin da ya tuna. Ƙudurin farko, an amince da kashe 19,200,000 daga Satumba 2024 zuwa Agusta 2025, ciyaman ya tambaya ko akwai mai gyara a layukan, mai maganar lemo ya ce a mayar da shi 60,000, aka yarda cikin minti biyu ba gardama, hannu 9. Na biyu albashi, wakilin malamai ya fita waje, ni da hedimasta muka bi shi muka tsaya a gindin darbejiya kusan minti ashirin, da aka kira mu sakatare ya ce 6 da 2, ya wuce. Rufi da gyaran zango biyun, 8 da 1, Hajiya ce ta ƙi, ta ce ba aikin ta ƙi ba, 22,750 a Satumba lokacin da iyaye ke sayen yunifom da littattafai kuma ba a fara girbi sosai ba ya yi nauyi, ta ce a rubuta dalilinta, aka rubuta. Sola kuma ba a kai ga e ko a'a ba, Alhajin hatsi ya ce a ɗage zuwa Janairu a ga yara nawa suka dawo tukuna, mutum 5 suka bi shi 4 suka so a yi yanzu.

Ƙarfe sha biyu saura kwata aka yi addu'ar tashi. Kafin a share allon Hajiya ta ce a tsaya, ta ɗauki hotonsa da wayarta, ta ce da shi za ta yi wa mata bayani a taron iyaye don takardar mai shafi uku ba ta shiga jaka ballantana kai. Takardar sanarwa da muka aika wa iyaye layi uku ne a kanta, zango na ɗaya 22,750, na biyu 22,750, na uku 20,500, da bayanin cewa 2,250 ɗin na rufi ne kuma rasit ɗinsa daban. Wakilin mai unguwa ya nace sai an buɗe wa kuɗin rufin littafi nasa kar ya narke cikin albashi, ciyaman ya ce shi da ma'aji za su riƙa sa hannu a kai duk ƙarshen wata. Da aka koma a Satumba na ƙirga rajista, yara huɗu daga masu biya ba su dawo ba, sai na rubuta 356 a saman takardar da zan kai musu a Janairu, na sake buga mudun ya koma 1,068,000.